Gora, katako ko ƙarfe: da wanne zan ɗaura sikafol a ɗan benena?

Salamu alaikum Injiniya. Ina gina ɗan bene hawa ɗaya a Danbushiya a Kaduna, faɗinsa mita 12 tsawo mita 15, an gama bulon sama, saura farafet da filastar waje. Kafinta yace in sayo gora, birkila yace shi katako ya saba da shi, wani abokina kuma yace in yi hayar na ƙarfe kawai. Aljihu ya ɗan ja baya gaskiya. Dan Allah wanne zan bi?

Wa alaikumus salam Alhaji, Allah ya sa a gama lafiya a shiga lafiya.

Bari in fara baka hukuncin da zan yanke da ginin nawa ne, sai in faɗa maka dalili. Aikin waje na sama ka yi hayar ƙarfe, amma ba na zagaye gidan duka ba, na ɓangare ɗaya wanda za a riƙa kwancewa ana matsarwa. Katako ka barshi a aikin ciki da duk abinda bai wuce tsayin linta ba. Gora kuma sai in ƙarfen ya gagara, kuma da sharuɗɗan da zan kawo maka, don ni ba na cikin masu cewa gora haramun ce a gini, na yi aiki da ita shekaru, tana da ranarta.

Kaga shi bene hawa ɗaya in ka haɗa tudun fandisho da tsayin ƙasa da na sama da farafet zaka samu wajen mita 7 zuwa 7 da rabi. Ma'ana birkilan da zai yi farafet ƙafarsa na kan falanki a tsayin mita 6 ko kusa da haka. A mita 2 ma in mutum ya faɗo da ka ana iya rasa shi, balle 6, kuma ƙasan wajen gini ba yashi bane zalla, akwai guntun bulo da rodi a tsaye. Sannan aiki biyu ne a gabanka masu nauyi daban. Filasta aiki ne mara nauyi, mutum biyu da kwanon kwaɓi ɗaya ko biyu. Farafet kuwa ɗora bulo ne. Yi lissafi da kanka: birkila biyu da lebura ɗaya, kilo 200 kenan ko sama, kwanon kwaɓi biyu cike kowanne ya haura kilo 30, sai bulo inci 9 guda goma da leburan zai jera musu don kar su riƙa jiransa, kowanne kilo 20 da wani abu. Kafin ka ankara kusan rabin tan yana zaune a tsakanin ƙafa huɗu na sikafol. Wannan nauyin shine abinda nake aunawa da shi in zan zaɓi kaya, kuma shi yasa na fara cire katako daga aikin sama.

Matsalar katakon kasuwarmu ita ce tsawonsa ƙafa 12 ne, wato mita 3 da rabi da ɗan kai. Kafin ka kai mita 7 sai an yi haɗi biyu a kowace ƙafa, kuma haɗin nan ƙusa ce ke riƙe da shi. Sunansa tu-bai-tiri ko tu-bai-fo amma in ka sa tef zaka ga bai cika ba, kuma yawanci ɗanye ake sayar maka, yana bushewa yana murɗewa ramin ƙusa yana saki. Ga ido a jiki, inda reshe ya fito, nan ne yake karyewa kuma baya yin gargaɗi, ƙas ɗaya zaka ji. Birkilanka gaskiya ya faɗa ya saba da katako, amma ka tambaye shi a wane tsayi ya saba, inaga zaka ji a gidan ƙasa ne. A nan kam katako ba shi da na biyu: kafinta ya haɗa maka benci masu ƙafa huɗu da tu-bai-fo guda uku ko huɗu, a sa musu giciye, a ɗora falanki, da su za a yi filastar ɗakuna da silin da fenti har a gama gidan. Abu ɗaya zaka tsaya a kai, duk katakon da ya kwanta zai ɗauki falanki a buga masa guntun katako a ƙarƙashinsa jikin ƙafar, ya zama a kan guntun yake zaune ba a kan ƙusa yake rataye ba. Kuma dan Allah kar ka yarda a jera bulo ko a kafa durom a ɗora falanki a kai, wannan al'adar ta karya mutane da yawa.

Toh sai gora. Kafintanka ya zaɓe ta ne saboda tana da tsawo, ba nauyi, mutum ɗaya zai ɗaga ya miƙa sama, kuma kuɗinta a ranar saye ya fi sauƙi. Duk gaskiya ne. Kuma zai iya ce maka ai a Hong Kong da gora ake zagaye dogayen benaye, wannan ma gaskiya ne, sai dai can goran tantancewa ake yi, ana auna kaurinta, masu ɗaurin sana'arsu ce sun koya, kuma ɗaurewa suke da igiyar leda mai ƙarfi, basa buga mata ƙusa. Mu a nan abinda ke faruwa shine tirela ta sauke gora, nunanna da ɗanya duk a haɗe, yaro ya ɗauki hama da ƙusa inci 4 ya hau bugawa. Ita gora zarenta a miƙe yake daga gindi har kai kuma cikinta rami ne, ƙusa na shiga sai ta tsage ta bi zaren nan har gaɓa ta gaba. Ranar farko ba zaka gani ba, tsagar siririya ce kamar gashi. Sai an kwana biyu ana hawa ana sauka rana na dukanta.

Na ga wannan da idona a wani aiki da na karɓa a hannun wani ta wajen Rigasa, lokacin hunturu ne. An ɗaura goran tana ɗanya shar, da bandin waya da ƙusa, aiki ya tsaya kamar sati uku saboda mai gida na jiran kuɗi. Da muka dawo na kama wata gora da ke kwance na murɗa ta da hannu, wallahi juyawa take a cikin wayar kamar awarwaro a hannun yarinya, don ta bushe ta tsuke wayar kuma tana nan yadda aka ɗaure ta. A inda aka buga ƙusa kuma bakin ya buɗe har ina sa ɗan yatsa. Na hana kowa hawa, birkilan har ya ji haushi yace ɓata masa rana nake, muka kwance duka, cikin ƙafafu ashirin da wani abu guda bakwai muka jefar. Har yau in na tuna cewa saura kaɗan in ce su hau a gyara daga baya sai gabana ya faɗi.

In dai dole sai goran, ga yadda zaka yi, kuma ka je wajen sayen da kanka ko ka tura wanda ka yarda da shi. Nunanniya ake nema, wadda ta shekara uku zuwa biyar a tsaye. Zaka gane ta launinta ya dushe, ba sheƙi, wani lokaci da ɗigo-ɗigo a jiki, in ka ƙwanƙwasa tana amsawa da ƙarfi. Wadda take kore shar da farin gari-gari a jikinta yarinya ce, barta. Duba bakin gindin inda aka sare, kaurin naman ya kai kamar santimita ɗaya, faɗinta kuma na waɗanda za su tsaya a matsayin ƙafa ya kai inci 3. In ka ga ƙananan huji kamar na allura, ka buga ta a ƙasa gari ya zubo, ƙwaro ya riga ka, cikinta ya zama fanko ko da bayan na kyau. Siririn kan nan na sama a yanke a yar, ba shi da amfani, shi yasa gorar da aka ce maka mita 7 ce a lissafinka ka sa ta mita 5. Gindin ne ƙasa kullum. Tazarar ƙafa da ƙafa kar ta wuce mita 1 da santi 20, in an zo haɗi a tsaye su haɗu da juna aƙalla mita ɗaya da rabi a ɗaure wuri uku, kuma haɗin ƙafafun kar ya faɗo a layi ɗaya. Wadda zata kwanta a ɗaure ta daidai saman gaɓa don gaɓar ta tare ta kar ta zame. Wayar a ninka ta, a murɗa ta kama amma kar a wuce gona da iri, bandin waya in ta sha murɗa da yawa tsinkewa take a wuyan. Kuma kowace safiya wani ya bi ɗaurin yana tattaɓawa.

Yanzu ka lissafa wa ɓangarenka mai mita 15. Da wannan tazarar kana buƙatar ƙafa 14 a layin ciki 14 a layin waje, 28 kenan, kuma kowacce sai an mata ƙari kafin ta kai sama. Ga na kwance hawa uku, ga gajerun da ke ɗaukar falanki, ga na giciye. Gora ɗari bata yi yawa ba a ɓangare ɗaya in za a yi shi yadda ya kamata. Ka ƙara waya da ladan ɗauri, sannan duk kwancewa da sake ɗaurawa sai wasu sun lalace. Mutane na ganin gora da araha ne saboda ana rage mata ƙafa, a yi tazarar mita 2, a cire giciye, a fasa bulo a cusa kanta a bango. In ka yi ta cikakkiya ratar da ke tsakaninta da hayar ƙarfe ta sati uku bata kai yadda ake zato ba, ka karɓi farashin biyun a rana ɗaya ka gani.

Shi ƙarfe iri biyu zaka samu wajen masu haya. Akwai firam, wanda aka riga aka yi waldarsa kamar ƙofa, ana ɗora wani kan wani a haɗa da giciye, yana da saurin haɗawa kuma ya dace da miƙaƙƙen bango irin naka. Akwai kuma fayif da kilam, wato ƙarfen da ke damƙe fayif biyu a haɗe, shi yafi shiga lungu da kwana da wajen baranda amma yana son wanda ya iya. Kowanne ka ɗauka kar ka ɗauka cewa tunda ƙarfe ne shikenan. Fayif ɗin sikafol na asali faɗinsa milimita 48 ne, kaurin namansa milimita 3 zuwa 4, mai tsawon mita 6 yana yin kilo 20 zuwa 26. In ka ɗaga ka ji shi sakayau a hannu ɗaya, wannan fayif ɗin kujera ne ko na rumfa aka yi wa fenti. A Fanteka akwai masu walda da suka san aikinsu sosai kuma suna haɗa firam mai kyau, amma a ko'ina ana samun wanda zai rage kauri don ya rage kuɗi, toh ka duba wajen waldar ko akwai tsaga, ka leƙa bakin fayif ɗin ko tsatsa ta cinye shi daga ciki, ka kwantar da shi a ƙasa ka mirgina, in yana tsalle ya lanƙwashe, kar ya zama ƙafa. Kilam kuma a gwada notinsa, wanda zarensa ya cinye zai yi ta juyawa baya kamawa. In ka ga an sa ƙusa ko guntun waya a inda fin ɗin firam ya kamata ya shiga, ka ce a canza kafin a hau.

Da fayif da kilam, ɓangaren mita 15 a tazarar mita 2 ƙafa 9 ne ciki 9 waje, hawa uku kowanne kusan mita 2. Abin da mai hayar zai kawo bai fi cikin motar ɗaukar kaya ɗaya ba. Ranar da aka sauke ku ƙirga komai tare ku rubuta, musamman kilam, don shine yake ɓacewa kuma kai za a caja, sannan ka san ƙarfe na da masu so, in ba maigadi a wajen masu jari bola ba za su barshi ya kwana biyu ba.

Inda haya ke cin mutum shine kwana. Bangonka zagaye mita 54 ne, sau tsayin mita 7 da rabi, ka cire tagogi da ƙofofi, zai bar maka kamar murabba'in mita 350. A yadda na saba gani birkila uku masu hannu za su cinye wannan a kwana tara zuwa goma na aiki zalla, in ka ƙara farafet da gyaran bakin tagogi da ranakun kwancewa da ɗaurawa sau huɗu, ka sa sati uku. Amma sati ukun nan sai in siminti yana ƙasa. Filastar kaɗai ka tanadi buhu 40 zuwa 50, ban da na farafet, yashin laushi ya sauka, ruwa yana tanki, kuɗin ma'aikata yana hannu, sannan ka kira mai ƙarfe. Tunda kace aljihu ya ja baya wannan shine abinda nafi so ka riƙe. In kana gini ne da albashi, wata ya yi a sayi buhu goma, kar ka kawo ƙarfen haya ya zauna yana ƙirga maka kwana, kuma kar ka ɗaura gora ka barta wata huɗu rana da ruwa da gara suna cinta. Gara ka jira ka tara na ɓangare ɗaya cif, a ɗaura, a gama shi, a kwance a mayar. Ka kuma tuna fenti zai sake neman abin hawa bayan filastar ta bushe, ku yi maganar wannan da mai hayar tun yanzu, firam biyu-uku sun ishi mai fenti.

Saura abu uku da ko wanne ka zaɓa sai ka tsaya a kansu, don yawancin faɗowar da na sani daga nan take zuwa. Na farko ƙasa. Gefen gini ciko ne, ramin fandisho aka mayar wa ƙasa, da rani zaka ji ta da tauri, ruwan farko na sauka ko ruwan kwaɓi ya malala sai ƙafa ɗaya ta nutse, kuma fayif yafi gora saurin nutsewa don bakinsa kamar wuƙa yake. A daddaɓe ƙasar, a shimfiɗa katako mai kauri, ƙafa ta zauna a kan farantin ƙarfenta a bisa katakon. Bulo a ƙarƙashin ƙafa a'a, fashewa yake.

Na biyu ɗaure shi da ginin. Sikafol mai faɗin mita ɗaya da tsayin mita 7 ba zai tsaya da kansa ba. A zuro fayif ta taga a gitta wani daga ciki ya kama bango, a yi haka a sama da tsakiya, kamar duk mita 4. Ka san iskar da ke zuwa gaban hadari a Kaduna wajen watan Afrilu da Mayu, wadda ke yaye kwano, ita bata tambaya ko ƙarfe ne ko gora. Birkila zai so cire ɗaurin nan don yana tare masa bakin taga, ka ce sai an sa wani kafin a cire wannan. Kuma in da hali kar a fasa bulo don a cusa sanda, toshin ramin nan daga baya yana fitowa a jikin fenti kuma ta nan ruwa ke samun hanya.

Na uku falanki, kuma nan ne zan ce ka kashe kuɗi ko da zaka matse a wani wajen. Kar a kwaso wan-bai-tuwel ɗin da aka cire daga dekin, ya sha siminti ya sha ƙusa, kaurinsa bai cika inci ba tun yana sabo. Sayi tu-bai-tuwel mara ido, a jera aƙalla uku gefe da gefe inda za a ajiye bulo, a tallafe shi duk mita 1 da santi 20 ko da ƙafafun ƙarfen sun fi haka tazara, a ɗaure bakinsa da waya. Kan falankin kar ya zarce abin da ya tallafe shi da fiye da tsawon tafin hannu, in ya zarce da yawa mutum na taka bakin ɗaya ƙarshen zai ɗaga. A sa fayif a bayan masu aiki daidai ƙugu, kamar mita ɗaya daga falanki, da wani a tsakiya. Bulo kuma a riƙa miƙa shi kaɗan-kaɗan a ajiye kusa da ƙafa ba tsakiyar falanki ba.

Baka faɗa min ko wayar wuta ta bi ta gaban filin ba. In akwai, musamman babbar waya, ka auna tun kafin a sauke kaya, kuma ka auna da tsawon fayif ɗin da mutum zai ɗaga a tsaye yana kan hawa na sama, ba da inda sikafol ɗin ya tsaya ba. In babu ratar mita 3 ko fiye, wannan ɓangaren kar a ɗaga ƙarfe a wajen sai an je ofishin wuta an kashe layin, kuma kar wani yace maka a sa gora a madadin, ɗanyar gora ko wadda ruwa ya jiƙa ita ma tana ɗaukar wuta. Ka fara da bangon baya wanda ba waya, ka ga yadda mai ɗaurin yake aiki da yadda kwanakin ke tafiya, kafin a iso gaba ka riga ka gama magana da masu wutar.